Robobin Yogot a Bayan Ragon Suna

A shekarun da Gusau ta zama babban birnin jiha, ni mai dafa abincin biki ce a Damba. Ma'aikata sun cika gari, kowa na son a yi masa suna ko walima irin ta 'yan birni, ni kuwa hannuna ya karɓu. Shinkafa da miya, waina, alkubus, duk inda aka ci sai an tambayi wadda ta dafa. Da wannan sana'a nake taimakon maigidana, malamin firamare, muna riƙon 'ya'yanmu.

Wan mijina ma'aikaci ne a ƙaramar hukumar Bunguɗu. Da matarsa ta haifi namiji bayan 'ya'ya mata, ya ce ni zan yi girkin suna. Yana da wani aboki da kowa ke kira Alhajin kanti, mai shagon kayan sanyi a Gusau, wanda ke ɗauko kaya daga Kaduna. Shi kuma ya ce gudummawarsa yogot ce, da wani niƙaƙƙen naman shanu mai kamar yatsu da ake kira sosej, abin da yawancinmu ba mu taɓa ci ba. Lokacin bazara ne, zafi kamar ya fasa kai.

Ranar suna ina bayan gida wajen murhu tun asuba, ban ga isowar kayansa ba. Na dai ga matansa sun shigo da babbar roba cike da fura, an dama ta da yogot da sukari da ƙanƙara. Naman kuma an yanka shi ƙanana an zuba a faranti, wai dafaffe ne tun daga kamfani, ba ya bukatar wuta. Yara suka yi masa caa. Ƙaramar ɗiyata, wadda ba ta shiga makaranta ba tukuna, ta sha furar har ta nemi ƙari.

Kafin wayewar gari gidan ya koma kamar asibiti. Amai da gudawa, manya da yara. An kwantar da mutane da dama a asibiti, har da surukina tsoho. Ɗiyata ita ta fi kowa jigata. Idanunta suka faɗa, fatarta in ka tsunkula ba ta komawa, aka yi ta neman jijiya a hannunta don a sa mata ruwa. Ina riƙe da ƙafarta ina jin sanyinta a tafina. Allah ya tashe ta, amma ta daɗe ba ta koma yadda take ba.

Ina can gefen gadonta ashe an gama yanke mini hukunci. Alhajin kanti ya zauna a majalisar ƙofar gidan wan mijina, gaban dattawa, ya ce shi da idonsa ya ga naman miyata ya kwana a buɗe ƙudaje na binsa. Ya ce kayansa na kamfani ne, a rufe suke zuwa, ba hannun da ke taɓa su. Wa zai ƙi yarda da Alhaji mai mota, ya yarda da mai tuya? Uwar mijina da kanta ta same ni a asibiti ta ce, "Ke kuwa mi ya kai ki? Kin so ki kashe mana gida da ganganci?"

Na ce, "Inna, wallahi naman nan da safe aka yanka shi."

Ta juya mini baya.

Daga nan aiki ya tsaya cak. Waɗanda suka riga suka yi mini magana suka aiko cewa sun fasa. A Damba in na wuce sai mata su yi shiru. Wata maƙwabciya da na aika wa waina ta mayar mini da kwanon yadda yake. A wannan lokacin na daina kuka, na fara wani abu da ya fi kuka daɗi. Kullum in na ɗaga hannu bayan salla sai in ce Allah ya nuna mini ranar da mutumin nan zai sunkuyar da kai a gabana.

Hotunan suna sun makara, don a lokacin sai an kai fim wani gari a wanko masu kala. Da suka iso, maijegon, wadda ita kaɗai ba ta daina yi mini magana ba, ta aiko mini da su in gani. Ina juya su ba da wata sha'awa ba, sai na zo kan wanda aka ɗauki wan mijina riƙe da ƙahon ragon suna da sassafe. A bayansa motar Alhaji ce, a-kori-kura, an buɗe bayanta, kwalaye a buɗe. Ga Alhajin nan tsaye a gefe, bai san ana ɗauka ba, da robar yogot a hannunsa, ya ɗora babban yatsa a kan murfin yana dannawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne murafun. Na sha sayen irin yogot ɗin nan, na san murfinsa na takarda mai ƙyalli a shafe yake. Waɗannan kuwa duk sun taso kamar ƙoƙon da aka kife.

Na sa maigidana ya nemo mai hoton, ya wanko mana wannan ɗaya babba, kamar girman faranti. Na ɗauka na nufi Bunguɗu wurin ɗan yayar mahaifiyata, wanda duba-gari ne, aikinsa ke nan binciken kayan abinci a kasuwa.

Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Kin ga wannan kumburin? Iska ce a ciki. Yogot in ya bar sanyi ya daɗe a zafi, ƙwayoyin cuta da suka samu shiga sai su yi ta hayayyafa, suna cin zaƙin da ke ciki suna fitar da iska. Robar a liƙe take, iskar ba ta da hanya, sai ta tura murfi sama. Dubi wannan, har gindinta ya turo ta kasa zama daidai. Wannan kuma ta fara tsiyaya ta gefe."

Na nuna masa ɗaya kwalin na ce, "Yaya, waɗannan masu kamar matashin kai fa?"

"Su ne ma suka fi muni. Ledar naman nan, kafin a liƙe ta sai an zuƙe iskar ciki tas. Lafiyayya za ki ga ta manne wa naman, har kina iya ƙirga shi ta waje. In ta saki kawai ta yi laƙwas, to hujewa ta yi, ita ma ba a sayarwa. Amma in ta cika ta yi tam haka, iskar daga ciki aka yi ta, naman ne ke ruɓewa. Ga ruwa ma ya taru a ƙasan wannan, ya gurɓace."

Ya ajiye hoton ya dube ni. "Amma ki ji da kyau, ƙanwata. Hoto ba ya nuna wace cuta ce ta kwantar da mutane. Wannan sai da an gwada abincin, shi kuwa ya wuce. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne, kayan nan sun lalace tun kafin a sauke su, kuma bai halatta a ba ɗan Adam su ba."

Na ce, "Ya ishe ni. Ga yatsansa nan a kan murfi. Ya sani."

Saura in san inda suka lalace. Direban da ke yi wa Alhaji jigila ɗan Tsafe ne, kuma sun ɓata tun bayan sunan. Maigidana ya ɗauke ni a babur muka same shi a tasha. Bai ɓoye komai ba. Ya ce lokacin wahalar mai ce, man motar ya ƙare musu a Tsafe, ta yini ta kwana ta sake yini a rana, ƙanƙarar da aka jera ta narke ƙaf. Ya ce ya gaya wa Alhaji a zubar, Alhaji ya ce in an dama da fura an zuba sukari ba mai ganewa.

Maigidana ya so mu kai maganar wurin wansa a kashe ta a cikin gida. Na ce a'a. A waje aka ɓata ni, a waje za a wanke ni.

Yayana ya kai hoton wurin abokan aikinsa na Gusau, tunda shagon a ƙasarsu yake. Suka zaɓi lokacin da unguwar ta daɗe ba wuta, suka dira da hantsi kasuwa na ci. Ni ina tsaye a tsallaken titi cikin mayafina. A ƙasan firij suka tono robobi masu kumburi, wasu kuma an huda murafunsu da allura don iskar ta fita su kwanta. Da aka farke leda ɗaya ta naman, warin ya kori mutanen da suka matso. Aka loda kayan a mota za a je a binne, aka sa wa shagon kwaɗo. Alhaji na ta share zufa da hularsa. Can ya ɗago ya hango ni. Ban kau da kai ba, na bar shi ya gan ni sosai.

Ban tsaya nan ba. Na sa hoton a jakata na bi gida-gida, duk matar da ta fasa aiki da ni sai da na zauna a tabarmarta na nuna mata murafun da yatsana, na yi mata bayanin da aka yi mini. Uwar mijina na bari ƙarshe. Ta kalla, ta kama baki, ta ce, "Ɗiyata, ki yafe mini." Ita na yafe mata, don ruɗinta aka yi.

Ba a jima ba Alhaji ya turo dattawa, wai in rufa masa asiri in ba da hoton. Na ce daga bayan labule, "Baba, ku gaya masa ya koma majalisar da ya zauna ya ce namana ya kwana, ya faɗi gaskiya da bakinsa, mutanen da suka ji na farko su ji na biyu."

Ya je. Maigidana yana wurin, ya ce muryarsa ko fita ba ta yi sosai, har sai da surukina ya ce ya ɗaga ta. Da dattawan suka dawo karɓar hoton na ce ban yi alkawarin bayarwa ba, na dai faɗi abin da zai yi.

An buɗe masa shagon daga baya, amma ba mai shiga. Kafin shekara ta zagayo ya sayar da firijin ya koma sarin hatsi a ƙauyukan wajen Kekun Waje. Ni kuwa aiki ya dawo har ina mayar da wani, kuma maƙwabciyar da ta mayar mini da kwano ban sake dafa mata ko ruwan zafi ba.

Sau ɗaya muka sake haɗuwa, a zauren gidan wan mijina ranar ta'aziyyar surukina. Ya rame, rigarsa ta koɗe. Ya matsa gefe ya ba ni hanya ya ce, "Salamu alaikum, Hajiya. Ya haƙuri?" Na amsa sallamar, don ita wajibi ce. Na ja hannun ɗiyata muka shige ciki.