Mutumin Cikin Rijiya

Kakata tela ce, kuma ba ta taɓa ganin ubanta ba. Maginin rijiya ne. Tana cikin uwarta ya saɓi igiya da fartanya ya fita aiki, a wajajen 1947, daga nan babu shi babu labarinsa. Wasu suka ce rijiya ce ta rufta da shi, wasu suka ce gudu ya yi. Uwarta ta mutu ba ta yarda da maganar gudun ba.

Tsohuwa, haka nake kiranta, ta tashi a hannun kawunta, ta koyi keke tun ƙafarta ba ta kai fedal ba. Kayan makarantar rabin unguwarmu ita ta ɗinka, har da wandon da na bar makaranta da shi a aji huɗu, wanda ta ce shi kaɗai ya amfana da karatun. Ɗakinta ƙamshin man keke yake yi, kullum akwai allura a bakinta, kuma ta cikin allurar take zagina.

Bara masu haƙa harsashin wani gidan mai suka ci karo da tsohuwar rijiya a rufe, da ƙasusuwan namiji a ƙasanta. 'Yan sanda suka ce abin ya tsufa, suka miƙa wa sashen tone-tonen tarihi na jami'a. Tsohuwa na jin labari ta tofar da allura.

"Angona, tashi ka kai ni."

"Ina? Gidan kishiyarki?"

"Wajen babana, ɗan banza."

A sashen muka sami Dokta, wata siririyar mata mai tabarau. Tsohuwa ta ce a ba ta ubanta ta binne shi. Dokta ta ce ba za ta iya miƙa ƙashin mutum ba sai da hujjar cewa nasu ne. Aka gwada kwatanta shi da jinin Tsohuwa, ashe damshin rijiya ya cinye abin da ake kwatantawa. Sai aka yanki guntun ƙashi aka tura ɗakin gwaji don a auna shekarunsa.

Ran da sakamako ya fito Dokta tana aji. Wani ɗalibinta mai sauri ya leƙa kwamfuta ya ce mana shekara ɗari da saba'in, da ƙari ko ragin talatin.

"To Tsohuwa," na ce, "in wannan ne babanki, ke kin girmi jirgin ƙasa."

Ba ta zage ni ba, sai na ji na tsani bakina. Ta gyara mayafi ta ce shi ke nan, Allah ya ji ƙan mai shi, mu tafi. A fuskarta har da ɗan sauƙi, irin na wanda ya sauke kaya. Muna bakin matakala Dokta ta tare mu, ta harari ɗalibin, ta mai da mu ofis.

"Mama, wannan lambar ba shekarun kalanda ba ce. Bari in nuna miki inda ta fito."

Ta ce a cikin iska akwai wani nau'in sinadarin kabon, ana ce masa kabon sha huɗu. Tsiro na shaƙarsa, mu ci tsiro, ya shiga ƙashinmu. Ran da mutum ya mutu shigar ta tsaya, abin da ke jiki ya fara raguwa, rabi yakan tafi a shekara dubu biyar da ɗari bakwai da talatin. Sai a auna saura nawa, a lissafa baya. Na mutumin nan kashi biyu cikin ɗari kawai ya ragu, shi ya ba da ɗari da saba'in, kuma daga 1950 ake ƙirgawa baya.

"To ai kin ƙara masa tsufa," in ji ni.

"Saurara, sarkin surutu. Lissafin ya ɗauka cewa kabon ɗin da ke iska bai taɓa canzawa ba, jiya da yau awo ɗaya. Ba haka ba ne."

Tsohuwa ta ce, "Kamar zare. In ban san yadda ƙwaryar ta cika da farko ba, saura ba zai gaya min dogon ɗinkin da aka yi ba."

"Haka ne, Mama."

Dokta ta buɗe wani zane, layi ne mai hawa da sauka kamar ɗinkin ɗan koyo. Ta ce daga bishiyoyi aka samo shi: kowace shekara itace na ƙara zobe ɗaya, an ƙirga zobban, an auna kabon ɗin kowanne, don haka an san lambar da kowace shekara ta gaskiya take bayarwa. Dole a ɗora sakamako a kan layin nan kafin a faɗi shekara. Kuma a zamanin uban Tsohuwa, hayaƙin kwal da man fetur, waɗanda nasu kabon sha huɗun ya ƙare tuntuni, ya riga ya sirka iska. Mutumin lokacin yakan fito a awo kamar ya fi haka daɗewa.

Tsohuwa ta miƙe zaune. "Kenan shi ne."

Dokta ta ɗora rula a kan ɗari da saba'in, ta ja a kwance. Rular ta ratsa layin a wuri huɗu: ƙarshen shekarun 1600, cikin 1700 zuwa farkon 1800, tsakiyar 1800, sai daga wajajen 1910 zuwa 1950. Ta ce abin da ta tabbatar kawai shi ne mutumin bai rayu cikin zamanin gwajin bama-baman nukiliya ba, don bayan 1955 kabon ɗin iska ya yi tsallen da ba ya ɓoyuwa.

"Na ƙarshen nan lokacin babanki ne. Amma sauran ukun ma gaskiya suke iya zama."

"A sake aunawa mana, 'yata."

"Ko an sake, layin ne ya lanƙwashe a nan. Injin bai yi kuskure ba."

"Ke a zuciyarki fa?"

Dokta ta cire tabarau. "Zuciyata tana tare da ke, Mama. Hannuna ne ba zan iya sawa a takarda ba."

Da an bar mu da maganar ɗalibi, da Tsohuwa ta koma kekenta. Yanzu babu a'a, babu i. Ɗinki ya fara karkace mata, ita da ba ta taɓa warware aiki ba. Takan tsaya da ƙafa a kan fedal ta ce min, "Huɗu fa ta ce. Ɗaya nawa ne." Na yi ta neman abin da zan faɗa ta yi dariya, ban samu ba.

Abin da Dokta ta iya shi ne ta bar ta ta riƙa zuwa. A ɗakin ajiya, tsakanin kwalayen fasassun tukwane, aka sa mata kujerar roba gaban kwali mai lamba da ƙasusuwan suke ciki. Ina bakin ƙofa na ji zuwan farko. Ta daɗe ba ta san da wane suna za ta kira shi ba.

"Bawan Allah," ta ce, "in kai ne, ni ce wadda ka bari a ciki. Inna ba ta taɓa cewa ka gudu ba. In kuma ba kai ba ne, ka yi haƙuri da surutun tsohuwa, ai kai ma ba ka da mai zuwa."

Ta ba shi labarin aurenta, da 'ya'yan da ta binne, da ni, wai jika ne mai baki kamar rediyo. Ta yi ta zuwa har ƙafa ta hana ta matakala.

Da damina ta rasu. Kafin nan ta sa kawuna ya nemi a bar wa mutumin rijiyar fili a maƙabarta kusa da inda za a sa ta. Dokta ta zo gaisuwa, ta zauna cikin mata ta yi kuka fiye da wasu 'yan uwan. Da za ta tafi kawu ya raka ta ƙofa, ya tambaye ta ko a ci gaba da riƙe filin. Ta ce ba za ta ce a riƙe ba, ba za ta ce a saki ba. Kawu ya ce a riƙe.