Gado Biyu a Ɗakin Direba

Na rasa ɗakina a shekarar gasar kofin duniya. A hoto na fara ganin haka.

Lokacin direba ne ni a wani gida a unguwar Matar Ƙadim, a ƙasar Larabawan da za a yi gasar. Ɗakina yana bakin get, ƙarami, da taga guda. Nan na yi zaman korona, ana aje mini abinci a ƙofa kamar fursuna. Ban damu ba. Ɗakin nawa ne ni kaɗai, kuma wanda ya taɓa kwana a Sana'iyya, unguwar masana'antu inda ake cusa leburori a ɗaki guda, ya san darajar wannan.

Wata safiya kafil ɗina, wato maigidan da bizata ke hannunsa, ya zo da wani Balabane, ɗan Labanan, mai gyaran gidaje.

"Za mu gyara maka ɗaki," in ji maigidan.

Tun zuwana ban taɓa ganin ya leƙa ɗakin ba. Na ce, "Me ya lalace?"

"Babu. Alheri ne."

Alherin da ban roƙa ba tsoro yake ba ni.

Balabanen ya sa na fitar da akwatina, da darduma, da buta, da kayan da na rataya a ƙusa. Ya ce tarkace suna rikita wayar da zai ɗauki hoto da ita, ba ta gane inda bango ya ƙare. Ya kashe fitila, ya buɗe ƙofa da taga, wai hasken ƙwan lantarki yana sauya launi. Ya tsaya a lungu, waya daidai ƙirjinsa, ya ɗauka. Ya koma ɗaya lungun ya sake. Sannan ya ba ni bakin tef na riƙe, ya auna tsawo da faɗi. Ya ce hoto ba ya faɗin girman ɗaki.

Muka tsaya a inuwa. Ya taɓa bangon cikin hoton da yatsa, ya koma shuɗi. Ya sake taɓawa, ya koma ruwan ƙasa. Tabon da kaina ya yi wa bangon inda nake jingina ya ɓace. Ya share gadona, ya jawo wani ya aje. Ya jawo na biyu.

Na ce, "Jikina ɗaya ne."

Maigidan ya yi dariya. "Ko ka yi baƙo, ya hajji. Ko ka ƙara aure."

"Ta ina za ta shigo, ta taga?"

Suka yi dariya. Ni ina kallon wayar. Gadajen suna jere, da ɗan teburi a tsakani. Babu wajen shimfiɗa darduma. Kuma ƙafar kowane gado tana kallon alƙibla.

Balabanen ba ruwansa da wannan. Amma maigidan mutum ne da idan ya ga takalmi a kife sai ya juya shi. Na nuna masa.

"Maigida, wanda ya kwanta nan zai miƙe ƙafa ga alƙibla."

Ya duba, ya ɗaga kafaɗa. "Ba matsala. Haka ya fi kyau a hoto. Wane launi kake so?"

Na ce kore, don in gani. Ya juya ya ce wa Balabanen, "Ruwan ƙasa, khalas, shi ke nan."

Washegari aka shafa fenti kala uku a bangona, kowanne faɗin tafin hannu biyu, domin abin da ke waya ba shi ke fitowa a bango ba. Maigidan ya zo da safe ya duba, ya dawo da la'asar ya duba. Bai tambaye ni komai ba.

Ranar Juma'a na faɗa wa wani abokina ɗan Zongon Kumasi, mai gadi a unguwar Mushairib.

Ya ce, "Ɗan'uwa, kai ne ba ka fita. Baƙin ƙwallo suna tafe, kowane rami haya za a ba da shi. Ko kejin kaza ka fente za ka sami mai kwana."

"Ni fa?"

"Kai kana cikin hoton?"

Na ce ba na ciki.

Ya haɗa ni da kamfanin gadinsu. Lokacin an sassauta dokar sauya aiki, sanarwa kawai ake ba wa kafil. Na ba shi. Ya ɓata rai, ya ce ba ni da godiya. Ya ce ai ya riga ya samar mini gado a Sana'iyya wajen ma'aikatan garejin ƙaninsa, na ɗan lokaci, har a gama gasa. Ranar ce ya fara ambatar wannan magana.

Na ce, "Da ka faɗa tun ranar hoto."



Ko zai mayar da ni bayan gasar, ban sani ba. Ban tsaya in gwada ba. Na ɗauki akwatina kafin gadajen su iso.

Yanzu gadi nake yi a Mushairib. A Sana'iyyar dai nake kwana, cikin ɗakin kamfani, a gadon sama.