Katin Yaya

Auta tela ne, kuma duk layin babu mai tsaftarsa. Ƙyalle ba ya kwana a ƙasan shagonsa. Abu in ya gama amfani, waje. Yayarsa ce ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta saya masa keken ɗinkin farko, har gobe kuma ba ya iya haɗa ido da ita.

Wata rana ya ga tallar manhajar zana samfurin ɗinki, wai gwajin mako guda kyauta. Kyautar da sai ka sa lambar katin banki! Nasa katin ya daina aiki, sai ya roƙi nata.

“Yaya, ba za su taɓa ko sisi ba.”

Ta miƙa masa ba tare da tambaya ba. Kuɗin jarrabawar 'yarta ne a ciki.

Ya gwada manhajar, ya ga shirme ce, ya goge ta daga wayarsa kamar yadda yake share ƙyalle. A tunaninsa magana ta ƙare.

Ranar biyan kuɗin jarrabawa, Yaya ta kai gaban layi, aka ce kuɗinta bai isa ba. Ta duba saƙonnin banki: an zare kuɗin manhajar na shekara guda cur.

Da ta sanar da shi, Auta ya ruga wurin maƙwabcinsa mai gyaran waya, yana rantsuwa ya goge manhajar.

“Goge manhaja ba soke rajista ba ne,” in ji mai gyara. Ya shiga saitin asusun Auta, ya buɗe sashen biyan kuɗi. Ga ta nan daram, har da ranar cira ta baɗi. Ya soke, saƙon tabbaci ya shigo. “Ranar da ka shiga gwaji, sa tunatarwa a kalandar wayarka, kwana biyu kafin ya ƙare. Ka riƙa leƙa shafin nan kuma, ranar cira tana nan a rubuce.”

Sun nemi a mayar da kuɗin, aka amsa da ladabi cewa Auta ya amince da sharuɗɗa. Abin ƙyama, wallahi. Kalmar kyauta da manyan baƙaƙe, ranar cira kuwa da ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Auta ya ji ƙyamar kamfanin, ya ji ta kansa fiye da haka.

Ya sayar da keken surfaninsa ya biya kuɗin jarrabawar, har da tarar makara. Yaya ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi damunsa ke nan.

Bayan an kwana biyu ta zo awon riga. Suka gaisa lafiya, ta ajiye jaka a kan benci. Da za ta shiga bayan labule, sai ta tsaya, ta dawo ta ɗauki jakarta, ta shiga da ita.