Gurbin Wata Tara a Katin Auta

Tun safe Tela ta kasa zama. Ta taka keke, zare ya tsinke, ta miƙe ta leƙa taga, ta dawo. Shekara goma sha shida tana ɗinki a wannan shagon, bakinta bai taɓa mutuwa gaban kowa ba, shi ya sa Nas ta asibitin unguwa ta zaɓe ta ta yi wa taron iyaye jawabin minti biyar kan kammala rigakafi.

"Ki zo da katunan yaranki huɗu a gani," in ji Nas.

Nan gizo ke saƙar. Uku sun cika. Na Auta kuwa akwai gurbi a wata tara, allurar ƙyanda. Ɗinkin 'yan makaranta ne ya sha mata kai a makon, daga baya kunya ta hana ta komawa, don ta ji ana cewa wanda ya tsallake sai an faro masa daga farko. Yanzu watansa goma sha huɗu.

"Ki bar shi a durowa mana," in ji ƙanwarta. "Wa zai ƙirga?"

"Nas. Har maɓallin rigarki sai ta ƙirga."

A ajin da aka yi taron, benci ya yi wa manya kaɗan, fanka na juyi ba iska. Tela ta tsaya, Auta a baya yana jan ɗankwalinta.

"Iyayena, 'yan uwana, rigakafi ba allura ɗaya ba ce. Akwai ta haihuwa, ta sati shida, sati goma, sati sha huɗu. Wasu sai an maimaita kafin jiki ya riƙe."

Wani mai gyaran babur ya ɗaga hannu. "Yaya Tela, nawa yaron yana da tabo a dantse. Ai ya gama."

"Ta tarin fuka ce kaɗai wannan, ƙanena. Kai da ka ɗaura taya ɗaya, cewa kake babur ya tashi?"

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya katunan a hannu, ta sake juyawa, sannan ta zaro na ƙasan.

"Ga nawa. Wata tara, babu komai. Ni da ba na ba da riga babu hannu, ga ɗana na bari da gurbi a kati."

Ta dubi Nas. "Daga farko za mu faro?"

"Wa ya ce? Daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Kawo shi gobe, in rubuta miki ranar ta ƙyanda ta biyu."

Daga bencin baya wata ta ce a hankali, "Ko an yi wata bakwai da tsallakewa?"

"Ko an yi."

Jakunkuna suka fara buɗuwa, ana laluben kati. Tela ta gyara goyo ta zauna a bakin benci, tana lissafin kayan wa za ta ɗage zuwa jibi.