Buzun Baba da Fankar Kwamfuta

Ni na kawo kwamfutar nan gidanmu, a shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero yana daf da fidda kai. Ina koyarwa a wata sakandare a Isa, Baba kuma yana Sabon Birni yana ba dattawan unguwa karatu a zaure bayan la'asar. Idonsa ya fara rauni, har yakan tsaya tsakiyar layi yana kusanto da littafi hancinsa. Sai na zuba masa littattafansa cikin tsohuwar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, na nuna masa yadda ake ƙara girman rubutu. Ranar da ya karance shafi guda bai tsaya ba, sai da ya yi dariya.

Na koya masa kunnawa da kashewa, amma ban gaya masa cewa ta ƙasanta take shan iska ba. Ban ɗauka abin faɗi ba ne.

Shi kuwa Baba, tunda akwai Alƙur'ani a cikinta, bai yarda ta taɓa ƙasa ba. Buzun da ya gada wurin mahaifinsa ya shimfiɗa mata, shi ya koma kan tabarma. Ina gani, abin ya burge ni, ban ce komai ba. Shekarar kuma ƙasa ta bushe, ko akuya ta gitta sai ƙura ta tashi.

Da farko huci kawai take yi. Daga baya ta koma gurnani, sannan wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Wani dattijo mai barkwanci ya ce ko ita ma roƙon ruwa take yi. Aka yi dariya, har da ni. Sai da ta fara mutuwa ana tsakiyar karatu, Baba yana zaune gaban baƙin gilashi, sannan na ɗauke ta a babur zuwa wurin wani mai gyara a Isa.

Da ya kwance bayanta, ya zaro wani dunƙulen gashi da ƙura wanda ya toshe hanyar da iska mai zafi ke fita. Ya ce da tun tana huci na kawo ta, sharewa ta isa. Sai ya juya fankar da ke sanyaya cikinta da yatsa, ta yi girgiɗi ta tsaya nan take. Ya ce boris ɗinta, wato ƙarfen da take juyawa a kai, ya cinye, don ta daɗe tana gudu ba hutu cikin zafi da ƙura. In an ɗiga mai za ta yi shiru na ɗan lokaci ta dawo. Fankar da ke niƙa bayan an share ta, ko take girgiɗi, canji take so, kuma kada a yi aiki da kwamfutar kafin nan. Irin wannan fankar sai an aiko daga Sakkwato. Ya murza gashin, ya tambaye ni ko bisa rago ake ɗora ta.

Abin ya ba ni dariya, kuma da dariyar na isa gida. Na tarar da zaure cike, na fito da dunƙulen gashin daga aljihu, na ɗaga shi kowa ya gani.

"Baba, ga ɓarawon. Buzunka ne yak kashe ta."

Ba wanda ya taya ni dariya. Baba ya karɓi gashin ya shafa shi a tafin hannunsa.

"Ashe ni nac cuce ta," in ji shi. "Ni kau na aza girmama ta nika yi."

Na yi ta cewa ni ne ban yi bayani ba, amma magana zarar bunu ce. Mutumin da ya shekara yana gyara wa mutane kuskure, ɗansa ya gyara masa nasa gaban almajiransa, yana dariya. Kunya ta rufe ni, har yau in na tuna sai na ji ta.

Fankar ta daɗe ba ta iso ba, don hanya ba lafiya kuma motoci sun yi ƙaranci. Baba bai iya komawa littafin takarda ba, sai ya ce ƙanensa, baffana, ya riƙe karatun kafin nan. Ya koma gefe yana saurare. Buzun ma ban sake ganinsa a zaure ba.

Da aka saka sabuwa, na sa kafinta ya yi mata ɗan benci mai ƙafafu, na kai masa har ɗaki, na buɗe babin da ya tsaya. Ya kara kunne bai ji komai ba, ya tambaye ni ko a kunne take. Na ce a kunne take, ta warke sarai. Ya daɗe yana duban rubutun, na ga leɓɓansa suna motsi. Sannan ya rufe ta a hankali da hannu biyu.

"Ɗauka ka kai ma baffanka ita," in ji shi. "Amma ka hwaɗa mai inda taka shan iska."