Gwanar da Ke Munana Zane

A ofishin da suke gina shafukan intanet Gwana ake ce mata, kuma ba a banza ba. Tun tana makaranta, idan ta zana fuskar mutum ko daga nesa sai ka gane shi. Amma leƙa teburinta yau ka sha mamaki: akwatuna a karkace kan farar takarda, layi biyu a gicciye inda hoto zai zauna, 'yan layuka a madadin rubutu, kibiya daga wannan shafi zuwa wancan. Launi kuwa ko ɗigo babu. Ƙanwarta ta ce tonon kaza ma ya fi wannan tsari.

Da gangan take yi. A da da rula take zanawa tsaf-tsaf, masu ba da aiki su duba su ce madalla, sai an gama rubuta manhaja su dawo da ƙorafi. Nan ta gane mutum yana jin nauyin ɓata abu mai kyau.

Manaja dai ɓata lokaci yake ɗaukar abin. Da aikin wani ƙaramin asibiti ya zo, na shafin neman ganin likita, ya faɗa mata ƙiri-ƙiri cewa in zaman nan bai haifar da komai ba, an gama da takarda a ofishinsa.

Shugabar ma'aikatan jinya ce ta zo, dattijuwa mai kawaici. Ta dubi shafin farko, da na zaɓen rana, da na cike bayanai, ta ce ai ya yi. Gwana ta miƙa mata alƙalami, ta roƙe ta ta tuna wanda ya kira su a waya da safen nan, ta bi akwatunan da yatsa kamar shi ne ke dannawa.

Yatsan ya tafi sumul, sai ya tsaya cak a akwatin suna.

"'Yata, wadda ta kira ba ita ce marar lafiyar ba, mahaifinta ne ba shi da lafiya. Sunan wa za ta sa a nan? Lambar wa za mu kira?"

Ashe yawancin masu kiran nasu ɗa ko tsoho suke nema wa layi. Dattijuwa ta soke akwatin, ta zana biyu a gurbinsa, ta ja kibiya, ta nemi ƙarin takarda. Kawaici ya tafi hutu. Mai rubuta manhaja ya ce da sai bayan ya gina rumbun bayanai aka gano wannan, da rushe rabinsa zai yi.

Gwana ta dubi zanenta ya sha sukuwar alƙalami har da yagewa, daɗi ya cika ta fal. Ba ta taɓa alfahari da wani zane nata kamar wannan ba.

Da sabon aiki ya shigo, mai tsara launi har ya jawo kujera zai fara, sai manaja ya ɗaga masa hannu.

"Dakata tukuna. Gwana, ina takardunki?"