Ranar da Aka Sauke Mini Buhu Arba'in a Maigatari

Shekarata ta farko da karɓar tirela, riɗi nake ɗaukowa daga Maigatari in kai Kudu. Kan motata, ɓangaren injin da ke jan bodi, aksul uku gare shi, wato ƙarfen da tayoyi ke ɗaure a kansa hagu da dama: ɗaya a gaba, biyu a baya. Bodin kuma uku. Shida ke nan.

Wani mako kan ya lalace a Gumel, maigidana ya ba ni wani mai aksul biyu. Da zai miƙo makulli ya ce, "In sikelin hanya ya tsare ka, ka dawo mini da shi, ka nemi wani aikin."

Na haɗa bodi na isa Maigatari. Masu lodi sun san bodin, don haka suka zuba abin da suka saba. Ana shirin ɗaure tamfol sai shugabansu ya iso, wani dattijo da muke kira Baba. Bai dubi kaya ba. Da farko ya zagaya motar yana taɓa kowane aksul da sandarsa. Sannan ya buɗe ƙofa ya sa na karanta masa farantin ƙarfen da ke nuna iyakar nauyinta. Daga nan ya dube ni.

"Direba, aksul nawa ka zo da su?"

"Shida, Baba."

"To ɗayan a aljihunka yake? Fito da shi mu gani."

Masu lodi suka kwashe da dariya. Na ƙirga. Biyar.

Na ce, "Baba, injin nan zai ja."

"Jaki ma yana ja, ɗana. Sikeli ba ya tambayar inji."

Ya yi mini bayani daki-daki. Mai aksul biyar ajinta daban da mai shida, iyakarta ta fi ƙasa. Iyakar kuma ta haɗa mota da mai da kaya, har da ni. Bayan jimla, kowane aksul da nasa rabon, kuma nauyin gaban bodi da aksul biyu suke ɗauka, yanzu ɗaya ya faɗa wa.

Ya ce a sauke buhu arba'in, a rage tudun gaba a ja shi baya kaɗan. Mai kayan ya taso yana faɗa.

"Alhaji, yi haƙuri," in ji Baba. "Gara su kwana a shagonka da su kwana a bakin titi."

Na wuce Gagarawa ina jin haushin tsohon. Kwana biyu bayan haka na hau sikeli. Ma'aikacin ya auna gaba, ya auna aksul ɗin bayan kai, ya daɗe yana kallon allonsa, ya auna na bodi. Ya ɗaga mini hannu na wuce.

Makullin ya zauna a hannuna shekara goma sha ɗaya. Har na bar tuƙi ban yarda an ɗora mini buhu ko ɗaya ba sai na zagaya na ƙirga, daga gaba zuwa baya.